Uku Cikin Biyar

Shagon Auta ba shago ne na a zo a gani ba. Ɗaki ne guda a bayan gidan da suke zaune, mai taga ɗaya, da kekunan ɗinki biyu, da teburin yanka, da kanta inda ake jera jakunkuna idan an goge su. Babu allo a ƙofa, babu mai wucewa ya leƙo. Ainihin shagon yana cikin waya, a wata manhajar saye da sayarwa, inda mutum zai ga hoton jaka ya danna, bayan kwana biyu ko uku mai babur ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Jakunkunan yadi take yi, masu kauri, da shafi a ciki da zif a baki, irin waɗanda ma'aikata ke zuba wa takardu da kwamfuta, mata kuma su zuba duk abin da hannunsu ya kai.

Aikin a rabe yake. Auta ke yanka, ta haɗa jikin jaka, ta ɗauki hoto, ta amsa wa masu saye. Hannun jaka da zif kuwa na Gwaggo ne, yayar mahaifinta, wadda ta haura shekara arba'in a kan keke, kuma ita ta koya wa Auta zura zare tun ƙafarta ba ta kai feda ba. Gwaggo tana zaune a gidan babban ɗanta, gidan da ake ji da ita har ya yi yawa, ko kofi ta ɗauka sai wani ya karɓe ya ce ta huta. Shi ya sa kullum da safe take shiga motar haya, ta sauka a bakin titi, ta tako zuwa ɗakin ɗinkin nan da tabarau a jaka da ƙorafin direbobi a baki. Nan ne kaɗai wurin da ake jiran ta don a fara aiki.

Duk wanda ya sayi kaya a manhajar, bayan an kai masa, waya takan tambaye shi taurari nawa zai ba mai sayarwa, daga ɗaya zuwa biyar. Yawancin mutane ba sa kulawa. Cikin masu saye sama da ɗari, ashirin ne kawai suka taɓa danna wa Auta wani abu: goma sha shida biyar-biyar, huɗu kuma huɗu-huɗu. Manhaja ta haɗa, ta raba, ta rubuta 4.8 a gefen sunan shago. Ƙa'idarsu ita ce duk mai sayarwar da makinsa bai gaza 4.5 ba, ana manna masa wani ɗan koren tambari, kuma kayansa na fitowa sama-sama idan an bincika. Auta ba ta taɓa ɗaukar tambarin nan a bakin komai ba, kamar yadda mutum ba ya tuna haƙorinsa sai ya fara ciwo.

Uku ta farko ta zo ranar wata Talata, babu rubutu ko kalma ɗaya a ƙarƙashinta. Taurari uku sun yi ruwan zinare, biyu sun zauna fayau. Auta ta duba, ta taɓe baki, ta ajiye wayar. Kafin sati uku su cika, wasu biyu suka biyo baya, su ma shiru, maki ya sauko 4.6. Nan ta fara duba waya tana cikin yanka, har ta ɓata yadi rabin yadi.

Da rana, da maigidanta ya dawo cin abinci, ta miƙa masa wayar. Shi direba ne, yana ɗaukar fasinja ta wata manhajar, kuma shi ma taurari ake ba shi, don haka a gidan shi ne malamin wannan fanni.

Ya kalli allon ya girgiza kai. "Uku? Me kika yi musu?"

"Abin da nake tambayar kaina ke nan. Ba su ce komai ba."

"Ai ba sai sun ce ba. A wurinmu in fasinja ya ba ka huɗu, to akwai abin da bai yi masa ba. In ya ba ka uku, zagi ne, kunya ce kawai ta hana shi faɗa da baki. Biyar ita ce lafiya lau. Duk abin da ya gaza biyar, ƙorafi ne."

"Amma uku ai ta fi rabi."

"A makaranta ke nan," in ji shi, yana wanke hannu. "Nan ba makaranta ba ce. Ki lissafa mana. In kina so ki tsaya a huɗu da rabi, duk uku ɗaya sai kin samu biyar guda uku kafin ki goge ta. Ki binciki kayanki, Auta. Mutum uku ba za su haɗa baki ba."

Ya faɗi gaskiyarsa iyakar abin da ya sani, ya ɗauki makullin mota ya fita. Bai san ya bar mata abin da zai hana ta sukuni ba.

Manhajar ta yarda mai sayarwa ya aika wa mai saye saƙo, amma ta hana roƙon a canza taurari, ta kuma hana yi wa mutum alkawarin kyauta a kan haka. Wanda aka kama, rufe masa shago ake yi. Auta ta zauna ta rubuta saƙo, ta goge, ta sake, har ta samu wanda babu roƙo a ciki: ta gode da ciniki, tana so ta san ko akwai abin da za a gyara. Ta aika wa duk wanda ya ba ta uku. Kwana ɗaya, kwana uku, sati, babu wanda ya amsa. A maimakon amsa sai uku ta huɗu ta zo, maki ya tsaya cif a 4.5. Ta biyar ta biyo ta ranar Asabar, ya koma 4.4. Su ma ta aika musu saƙon. Da wata ya kama, koren tambarin ya ɓace, jakunkunanta suka gangara can ƙasa inda sai mai haƙurin jan allo yake kaiwa. Oda da take shigowa biyar ko shida a rana ta koma ɗaya, wata rana ma babu.

Mutumin da aka ce masa yana da laifi amma ba a faɗa masa wane ba, shi yake nemo wa kansa. Auta ta sauke jakunkuna goma sha biyu daga kanta ta baje a teburin yanka, ta jawo su gaban taga. Ta juya su ciki da waje. Yadin dai shi ne wanda take saye tun farko. Zif yana tafiya. Jikin jaka, wanda ita ta ɗinka, ta duba shi da idon mai shi, ba ta ga komai ba. Sai ta zo kan hannu. A inda hannun ya haɗu da jikin jaka, Gwaggo takan yi ɗinki mai kusurwa huɗu ta gitta shi a tsakiya don ƙarfi. A jaka ta uku, layin ƙasa ya ɗan kauce, bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba. A ta bakwai ma haka. A ta goma sha ɗaya, zaren ya hau kan ɗan'uwansa.

Sai abubuwa suka fara dawo mata. Watan jiya sau biyu Gwaggo ta miƙo mata allura ta ce, "Zura mini, hasken nan naku ba shi da kirki." Ta kuma lura tana matso da fuska kusa da keke fiye da da. A lokacin ba ta ɗauke su komai ba. Yanzu kuwa suka jeru mata kamar shaidu, kuma gaskiyar magana ita ce ta ji sanyi a ranta, don ta samu inda za ta ajiye laifin. Kunyar wannan sanyin ba ta zo mata ba sai daga baya.

Ranar Litinin Gwaggo ta shigo, ta rataye mayafi a ƙusa, ta yaye wa kekenta rufi.

"Yau ina yankan? Na ga teburin wayam."

"Oda ta yi ƙasa, Gwaggo."

"Haka ciniki yake. Gobe sai ki rasa inda za ki sa kanki."

Auta ta jawo kujera kusa da ita, ta nuna mata wayar. Gwaggo ba ta taɓa shiga harkar waya ba, ta ce wannan na yara ne, ita nata keke. Ta gyara tabarau ta ƙura wa allon ido.

"Waɗannan 'yan taurarin fa?"

"Masu saye ne ke bayarwa. Mutum ya ga kaya, sai ya ba da maki. Waɗannan uku suka ba mu."

"Uku cikin nawa?"

"Cikin biyar."

"To madalla. Sun ba mu uku sun riƙe biyu, ai mun fi su samu."

Da wata rana ce da Auta ta yi dariya. Ta yi mata bayanin maigidanta tiryan-tiryan, cewa a wannan kasuwa uku ƙorafi ce, kuma saboda su ne aka cire tambari, oda ta tsaya. Gwaggo ta saurara har ƙarshe.

"Me suka ce ya lalace?"

"Ba su ce ba."

"To ke me kika gani?"

Auta ta ajiye wayar. Ta tashi ta ɗauko jaka ta uku da ta bakwai da ta goma sha ɗaya, waɗanda ta ware tun ranar Asabar, ta ajiye su a kan keken Gwaggo, wurin hannun yana sama. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta ce ga laifin wance ba. Ta dai ajiye su ta koma gefe, ta bar jakunkunan su yi maganar da ita ba za ta iya yi wa yayar mahaifinta ba.

Gwaggo ta ɗauki ta farko ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake matsowa. Ta bi ɗinkin da babban yatsa. Ta daɗe a kan haka.

"Akwai masu babban keke a bayan kasuwa," in ji Auta, tana kallon ƙasa. "Na ce ko a riƙa kai musu hannu da zif na ɗan lokaci, har abin ya daidaita. Ke kuma sai ki riƙa duba mana guga da ninki. Ko ba komai idonki zai huta."

"Guga," in ji Gwaggo.

"Na ɗan lokaci ne."

"Na ji."

Ta yi gugar ranar, ta yi ta kyau, ta ninke jakunkuna ta sa a leda. Talata ma ta zo. Ranar Laraba matar ɗanta ta kira ta ce Gwaggo na fama da ƙafa, ba za ta samu fitowa ba. Ƙafar nan ta yi sati, ta yi sati biyu. Duk lokacin da Auta ta kira, Gwaggo takan ce da sauƙi, ta tambayi yara, ta ce a gaida maigidan, ba ta taɓa tambayar ɗinki ba. Kekenta ya zauna a rufe, Auta ta fara ɗora ragowar yadi a kai.

Masu babban keke sun iya aikinsu. Hannu hamsin suke yi a wuni, layi a miƙe kamar an ja da rula. Auta ta sake ɗaukar hotuna, ta rubuta a ƙarƙashi cewa an inganta ɗinki, ta zauna jiran sakamako.

A sati na uku ne amsa ta farko ta zo, daga wani mutum da ya sayi jaka ruwan toka. Ya ba da haƙuri, ya ce ba ya duba saƙon manhaja. Jakar matarsa ya saya wa, kuma tana son ta, kullum da ita take fita. Matsalar dai an ce masa kwana biyu, sai da aka yi shida, ranar da ya so ya ba ta ta wuce. "Jakarki biyar ce," ya rubuta, "masu kawowa ɗaya. Na haɗa na raba biyu, ya ba ni uku. Ina ganin na yi adalci." Auta ta karanta sau biyu. Masu kai kaya na manhajar ne, ita ko babur ɗinsu ba ta taɓa gani da ido biyu ba sai lokacin da suka zo ɗauka. Amma akwatin taurari ɗaya ne, kuma a gefen sunanta yake.

Bayan kwana huɗu wata ma'aikaciyar asibiti ta amsa, ita kuma ba ta ɓoye komai ba. Ta ce jakar ba ta yi mata ba sam. A hoto ta ga shuɗi mai haske, da aka kawo sai ta ga shuɗi mai duhu kamar kayan makaranta, ta jefa ta cikin durowa. "Da babban kamfani ne ɗaya zan ba su," in ji ta. "Na ga ke ƙaramar mai sana'a ce, ban so in karya miki kasuwa ba, shi ya sa na ba ki uku. Ni ban taɓa ba mutum ƙasa da uku ba." Auta ta buɗe hoton shuɗiyar jakar. Ita ta ɗauke shi, a bakin taga da hantsi, ta kuma ƙara masa haske a waya don ya yi kyau. Ta kife wayar a kan teburi, ta ji kunnuwanta sun yi zafi.

Duk da haka ta gaya wa kanta cewa saura uku. Ko cikinsu akwai wanda ya ga ɗinkin. Abin da ba ta so ta amsa wa kanta shi ne yanzu fata take yi a samu wanda ya gani.

Ɗaya daga cikin ukun bai taɓa amsawa ba har yau. Sauran biyun kuwa, da ta duba da kyau, suna ɗaya ne: mace guda ce ta saya sau biyu, ta ba da uku sau biyu. Wannan ya ɗaure wa Auta kai. Wanda kaya bai yi masa ba, me zai dawo yi? Tana cikin wannan tunanin sai ga oda daga sunan nan, jaka shida a lokaci guda, kuma ta zaɓi ta zo ta karɓa da kanta don unguwarsu ba nisa.

Ta zo ranar Alhamis da hantsi. Dattijuwa ce siririya, mai tafiya a miƙe, da ɗaya daga cikin jakunkunan Auta a kafaɗa, an cika ta da littattafai har ta yi ciki. Ta ce ita malamar makaranta ce, ta yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, jakunkunan nan shida kuma na tsofaffin abokan aikinta ne da suka dame ta da tambayar inda ta samu tata.

Auta ta ba ta kujera, ta kawo ruwa. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta yi ta maza.

"Malama, don Allah in yi tambaya. Na aiko miki da saƙo kwanaki."

"Na gani. Ban gane shi ba ne. Kin ce me za a gyara, ni kuma ban ce wani abu ya lalace ba."

"Na ga uku kika ba mu. Har sau biyu."

"Ƙwarai. Jaka ce mai kyau."

"Mai kyau kuma uku?"

Malama ta dube ta irin kallon da ake yi wa ɗalibin da bai yi bitar darasi ba. "Ɗaya, abu ya lalace. Biyu, da gyara. Uku, ya yi abin da aka ce zai yi, babu ƙorafi. Huɗu, ya wuce yadda na zata. Biyar kuma, 'yar nan, shekara talatin da biyu ina duba takardu, ban kai mutum goma da na ba cikakken maki ba. In kowa ya samu biyar, wa ya san gwani?"

Auta ta miƙe. Ta ɗauko ɗaya daga cikin sababbin jakunkunan ta miƙa mata.

"Mun canza ɗinkin hannu. Ki duba ki gani, ko ya fi na da."

Malama ta sauke tata daga kafaɗa, ta jera su biyun a cinya. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta ja hannun kowacce da ƙarfi.

"Ina bambancin?"

"Na da yakan ɗan karkace a nan ƙasa."

"Ni ban gani ba. Wata biyu ina loda mata littattafai, ko zare ɗaya bai tashi ba. Wannan ma da alama za ta yi. Uku ce ita ma."

Nan fuskar Auta ta canza. Ba ta roƙe ta komai ba, ƙa'ida ta hana, kuma ko ba ƙa'ida bakinta ba zai iya ba. Amma da Malama ta ga fuskarta ta tambayi ko lafiya, sai ta gaya mata yadda lissafin yake: huɗu da rabi, koren tambari, da yadda shago ke nutsewa idan ya rasa shi. Ba ta ambaci Gwaggo ba.

Malama ta ɗago kai. "Wato a wurinsu uku faɗuwa ce."

"Haka suke lissafawa."

"To su sa taurari biyu mana, a huta. Me ya sa za su ba mutum biyar su ce ɗaya ce kawai ta halatta?" Ta fito da wayarta, ta riƙe ta nesa da ido, tana dannawa da yatsa ɗaya. "Ban zo duniya don in rufe wa mutane shago ba. Sun ce ana iya gyarawa, na mayar da su huɗu-huɗu. Biyar kam ba zan iya ba, kar ki ga laifina."

Ta kwashi jakunkunanta shida ta tafi. Maki ya koma 4.5. Da sabon wata ya kama, tambarin ya dawo wurinsa kamar bai taɓa tafiya ba, oda ta fara shigowa. Maigidan ya ce ai dama ya faɗa, gyara kaya shi ne magani.

Ranar Asabar ta shiga mota ta tafi gidan ɗan Gwaggo. Ta same ta a falo, a kujera mai laushi, an sa mata matashi a baya da wani a ƙarƙashin ƙafa, talabijin na ta magana babu mai kallo. Hannuwanta na kan cinya. Auta ba ta taɓa ganin hannuwan nan a zaune haka ba, sai ta ga kamar sun ƙanƙance.

Bayan gaisuwa ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ta fito da waya. Ta karanta mata saƙon mai raba biyu. Gwaggo ta yi dariya har da tafa cinya, ta ce wannan da alƙali ne da kowa ya shiga uku. Ta karanta na ma'aikaciyar asibiti, ta kuma faɗa da bakinta cewa hoton ita ta ɓata shi. Ta ba ta labarin Malama da littattafanta da hannun jakar da ko zare bai tashi ba.

"Kin gani, Gwaggo, babu wanda ya yi maganar ɗinki. Ko mutum ɗaya. Kowa da abin da yake nufi da ukunsa. Ni ce na yi gaggawa, ki yafe mini. Kekenki na nan, na share shi na sa masa mai. Litinin in turo a ɗauko ki."

"Babu komai, Auta. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"To za ki zo?"

Gwaggo ta ɗauki tabarau daga hannun kujera, ta goge da bakin zane, ba ta sa ba.

"Mutanen wayar nan ba su san ni ba. Ba su taɓa ganina ba, ba su san akwai wata tsohuwa a bayan keke ba. In sun ba ni uku, in sun ba ni goma, duk ɗaya ne a wurina. Ba su ne suka ajiye mini jaka uku a gaba ba." Babu faɗa a muryarta, kamar tana tambayar farashin zare. "Ni na koya miki duba ɗinki, na san idon da na ba ki. Abu ɗaya zan tambaye ki, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Ya karkace ko bai karkace ba?"

Auta ta so ta ce bai karkace ba. Kalmar ta zo har bakinta. Amma matar da ke gabanta ta taɓa sa ta warware ɗinkin riga sau huɗu saboda kaucewar da ba ta kai wannan ba, kuma za ta gane ƙarya tun kafin a gama faɗarta.

"Kaɗan ne, Gwaggo. Babu wanda ya gani."

"Ke kin gani."

"Amma ai ba ya hana..."

"Ni ma da kika nuna mini na duba," in ji Gwaggo. "Na kai shi kusa, na kai shi nesa. Ban gan shi ba, Auta. Sai da na bi da yatsa."

Ta ninke tabarau ta mayar kan hannun kujera. Sannan ta ɗaga murya ta kira matar ɗanta, ta ce a kawo wa baƙuwa ruwa, ta sha hanya.